Allon tallar sabon kamfanin bas na Kano zuwa Kaduna: yadda aka kai ga kalma bakwai

Wannan labarin wata 'yar uwa ce da aka ɗauka aikin talla a wani sabon kamfanin motocin haya, ba zan faɗi sunanta ba kuma ba zan faɗi sunan kamfanin ba, zan riƙa ce mata Manaja kawai tunda haka ake kiranta a ofis. Ni dai na daɗe a harkar buga allunan talla, shi ya sa duk lokacin da abu ya cije mata take kira na, kuma kusan duk abin da zan faɗa a nan ko dai a gabana aka yi ko ta nuna min a littafin tikiti.

## Oktoba: yadda kamfanin ya fara

Mai kamfanin wani Alhaji ne ɗan kasuwa, ya sayo Homa guda shida sababbi ya ce kowacce fasinja 14 za ta ɗauka, ba cusa mutane. Hanya ɗaya tal suka zaɓa, Kano zuwa Kaduna da dawowa, wajen kilomita 230 ke nan ta Kura, Kwanar Ɗangora, Zariya, Jaji har Kawo. Tsarin da ya kawo shi ne mota na tashi a kan lokaci, ƙarfe 7 da 10 na safe, ƙarfe 1 da 4 na rana, daga kowane ɓangare, ko mutum uku ne a ciki. Ba tsince-tsincen fasinja a hanya, ba tsayawa shan mai bayan an yi lodi domin tun da dare ake cika tanki.

Motocin duk an sa musu na'urar ƙayyade gudu, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya tun 2017, kuma dokar hanya ta ce bas kada ta wuce kilomita 90 a awa a babban titi. In ka raba 230 da 90 za ka samu awa biyu da rabi da 'yan mintuna, in ka haɗa da cunkoson fita gari da wucewa ta Zariya da shingayen jami'an tsaro sai ya zama awa uku. Wato a kan kwalta motarsu ba ta fi ta kowa gudu ba, ƙananan motoci irin su Golf da Sharon ma wuce ta suke.

Akawun kamfanin ya yi lissafi ya ce in mota ta tashi da ƙasa da mutum tara asara aka yi a wannan sahun. A makonni biyun farko mutum huɗu ko biyar ake samu.

An kama hayar allo biyu na wata shida, ɗaya a titin Zariya a Kano wajen Na'ibawa, ɗaya a Kaduna ta ɓangaren Kawo, kowanne faɗin mita shida tsayin mita uku, irin wanda aka fi gani a gari.

## Farkon Nuwamba: allon farko, kalma 26

Rubutun farko Alhaji ne ya faɗa da bakinsa Manaja ta rubuta. Ga shi yadda ya hau allo:

"Barka da zuwa sabon kamfanin sufuri na zamani. Motoci sababbi masu esi, direbobi ƙwararru, farashi mai rahusa, tafiya cikin sauri da kwanciyar hankali. Sai kun zo."

Ga hoton motoci shida a jere, ga lambar waya har uku a ƙasa. Babu Kano babu Kaduna a ciki, kowa ya manta, saboda su a ofis sun san inda suke zuwa.

Bayan kwana goma ba abin da ya motsa, sai ta kira ni ta ce Yaya zo ka ga allon nan ka faɗa min gaskiya. Ban ce mata komai ba na ce mu hau adaidaita sahu mu wuce ta gabansa kamar kowa, ki karanta min da ƙarfi. Mun taho daga nesa tana hango allon amma rubutun bai fito ba sai da muka matso sosai, ta fara "Barka da zuwa sabon kamfanin su..." sai wata tirela ta shiga tsakani, kafin ta gota mun wuce. Muka sake zagayowa, wannan karon ta kai "masu esi".

Daga nan muka zauna muka yi lissafin a bayan takarda. Ƙa'idar da masu buga allo ke bi ita ce duk santimita ɗaya na tsayin harafi ana iya karanta shi daga nisan kamar mita uku. Don a cusa kalma 26 da hoto da lambobi an mayar da harufan santimita 15, ke nan sai mutum ya zo mita 45 kafin ya iya karantawa. Abin hawa mai tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, saura daƙiƙa uku ke nan, kuma a cikin ukun nan ne zai lura da allon, ya juyo, ya karanta. In kuwa harafi ya kai santimita 50, daga mita 150 ake karantawa, kusan daƙiƙa 11 a cikin gari, shida a kan babban titi inda ake cin mita 25 a daƙiƙa. To amma harafi mai santimita 50 in ka jera shi a allon mita shida, wajen 13 ko 14 ne ke shiga layi ɗaya har da giɓin tsakanin kalmomi, kuma layi uku ne iyaka in za a bar wa tambarin kamfani wuri. Daga nan ne ƙa'idar kalma bakwai ta fito, girman allon ne da saurin mota suka yanke ta.

Shawo kan Alhaji ya ɗauki kwana uku. Abin da ya yi ta maimaitawa shi ne na biya kuɗin allo gaba ɗaya, ya za a bar rabinsa fili. Manaja ta ce ranka ya daɗe a ba ni direba ya wuce da kai ta wurin sau ɗaya kawai. Da ya dawo bai yi dogon magana ba ya ce a rage.

## Tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba: "kamar ƙiftawar ido"

Da aka ce a rage, kowa a ofis kansa ya tafi kan sauri, tunda ai abin da kamfanin ke taƙama da shi ke nan, rage lokacin tafiya. Wani ya kawo "Mun fi kowa sauri", mai allon ya ce a'a, talla a Najeriya sai ta bi ta hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, an tantance kafin a kafa, kuma in ka ce ka fi kowa za a nemi hujja, ga shi ba ku da ita. Sai aka tsaya a kan:

"Kano zuwa Kaduna kamar ƙiftawar ido."

Kalma shida, garuruwan sun fito, harufa manya, an cire lambobi biyu an bar ɗaya. A ƙa'ida ya cika duk sharuɗɗan.

Matsalar farko ta zo tun daga wurin bugawa. Salon harufan da mai zane ya zaɓa ba shi da ƙ, a kwamfutarsa wani salon ya cike gurbin bai lura ba, da aka kai na'urar buga fileks, wato ledar da ake buga tallar a kai, sai wani akwati ya fito a madadin harafin, aka kafa allon Kaduna a haka ya kwana biyu kafin wani direba ya kawo hoto. Dole aka sake buga shi, kuɗi biyu. Tun daga ranar Manaja ba ta sake yarda a buga babba ba sai an fara buga mata ƙaramin gwaji a na'urar da za ta yi aikin, musamman in akwai ɓ, ɗ, ƙ ko 'y a rubutun.

Matsala ta biyu ta fi girma. An sa mai sayar da tikiti ya riƙa tambayar kowane fasinja ina ya ji labarin kamfanin yana rubutawa a gefen littafi, kuma an fara samun masu cewa allo, wannan ci gaba ne. Amma waya ma ta fara shigowa da wata irin tambaya. Wata uwa da za ta tura 'yarta makaranta ta kira ta ce don Allah ku ne masu gudun nan? Ni fa ba na son a kashe min yarinya. Wani dattijo ya zo har ofis ya ce wa Manaja 'yata, wa ya ba ku shawarar rubutun nan, ba ku san sauri ya haifi nawa ba, ai hanyar nan ta ci mutane da yawa. Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Kaduna ya taɓa wuce mota a kife a gefen titi, to in ka ce masa ƙiftawar ido wannan hoton ne ke fara zuwa masa. Kuma mutanen da kamfanin ya fi buƙata, wato mata da iyaye da ma'aikatan da za su iya biyan ɗan ƙarin kuɗi, su ne suka fi tsorata.

A ƙarshen Nuwamba matsakaicin fasinja biyar ne a sahu. A Disamba ya haura goma, har Alhaji ya fara cewa ai ga shi allo ya yi aiki, amma Manaja ta leƙa sauran tashoshi ta ga ko'ina a cike yake saboda hutun ƙarshen shekara da bukukuwan aure. Mako na biyu na Janairu ya sauko shida.

## Janairu: "awa uku cif"

Tunda kwatance ya tsorata mutane, sai aka ce to a faɗi lamba tsagwaronta, gaskiya ce kuma ana iya karewa:

"Kano zuwa Kaduna, awa uku cif."

Ni ma na goyi bayan wannan, domin abin da muka saba koya wa masu talla ke nan, lamba ta fi kirari. Kiran masu tsoro ya tsaya cak. Amma fasinja bai ƙaru ba, makonni uku ana shida, bakwai, shida.

An kuma samu wata 'yar matsala ta launi. An yi rubutun fari a kan ruwan ɗorawa don ya dace da fentin motocin, ga hazon hunturu ya sauko, ƙura ta kwanta a fileks ɗin, da rana tsaka daga nesa allon kamar ba a rubuta komai ba. Wannan gyaransa mai sauƙi ne, baƙi a kan ɗorawa. Amma ba shi ne asalin ciwon ba, domin waɗanda suka karanta ma bai motsa su ba.

Wanda ya buɗe mata ido ƙanenta ne, ɗalibi a Kaduna. Ta tambaye shi ya ga allonsu, ya ce Yaya na gani, to amma awa uku kuma wani abu ne? Ai Golf ɗin da nake hawa bai kai haka ba. Ta ce ƙarfe nawa ka bar gida ranar da ka koma, ya ce takwas. Ƙarfe nawa ka isa? Ya yi shiru yana tunani ya ce wajen ɗaya da rabi. Ta ce to ina sauran awowin suka tafi, ya ce ai wannan zaman tasha ne, ba a lissafa shi.

## Ƙarshen Janairu: kwana uku a tasha

Bayan wannan hirar Manaja ta ɗauki littafi da agogo ta tafi wata tasha ta haya ta zauna kwana uku, daga safe zuwa azahar, a bencin mai shayi. Rana ta biyu na raka ta.

Abin da ta riƙa rubutawa abu biyu ne kawai, lokacin da fasinjan farko ya shiga mota da lokacin da motar ta fita ƙofa. Da sassafe abin ba laifi, minti 20 zuwa 30 an cika. Daga ƙarfe tara zuwa sama sai ya fara ja, awa ɗaya, awa ɗaya da rabi, akwai bas ɗin da ta yi awa biyu da minti goma. Bayan an cika kuma ga ɗaure kaya, ga rigimar canji, sannan a fita a tsaya gidan mai.

Akwai wata mata da ba zan manta ba. Ta shiga bas tun wajen tara da rabi da goyo da wani yaro ɗan shekara huɗu, ta zauna a kujerar tsakiya, rana ta fara dukan motar, jaririn na ta kuka tana fifita masa da gefen mayafi, yaron ya gama cin biskit ɗinsa ya fara neman fita. Duk minti goma sai ta leƙo ta taga ta ce malam saura mutum nawa, ɗan kamasho ya ce saura biyu Hajiya yanzu za a tashi. Saura biyun nan sai da ta kai kusan awa ɗaya, domin wasu daga cikin waɗanda ke zaune a motar ma ba matafiya ba ne, ana zaunar da su ne don a ga kamar an kusa cika, in fasinjan gaske ya zo sai ɗaya ya sauka. Da aka zo tashi ta ce, ba da kowa take ba, wallahi jiran mota ta cika ya fi tafiyar wahala.

Manaja ta rubuta wannan maganar yadda take ta ja mata layi biyu. A kwana ukun ta ji irinta daga bakin mutane da dama, "ta cika?", "sai ta cika", "ba ta cika ba tukuna", amma ba ta ji ko mutum ɗaya ya yi ƙorafin cewa direba ba ya gudu ba.

## Fabrairu: rubuta layin

Mun zauna da takarda wata ranar Asabar, kuma a nan ne na ga yadda kalma bakwai ke da tsauri a Hausa. Harshenmu cike yake da ƙananan kalmomi, ba, ta, za, mu, ko, kowacce tana cin gurbi ɗaya, korewa kaɗai takan ci biyu. Farkon abin da ya zo mata shi ne "Ko ba ta cika ba, za mu tashi", magana mai daɗi amma kalma takwas ce kuma ba sunan gari. In aka sa Kaduna ta zama tara.

Sai muka gwada "Bakwai mun tashi, goma kana Kaduna". Kalma shida, tana da kaifi, amma ta ƙi ta saboda dalili biyu. Na ɗaya "kana" namiji kaɗai ta kira, alhali matar nan mai goyo ce a ranta, in an ce "kuna" kuma sai ta yi sanyi. Na biyu, alƙawarin isowa ba a hannun kamfani yake ba, tirela ɗaya ta faɗi a hanya ko a tare titi shi ke nan an zama maƙaryata. Lokacin tashi kuwa a hannunsu yake ɗari bisa ɗari. Ta ce in za mu yi alƙawari a allo mu yi wanda mu kaɗai ne za mu iya karya shi.

Daga nan aka zo kan "Ba ma jira ta cika". Gajere, kalma biyar, har mun fara murna, sai mai gadin ofis da muka karanta wa ya ce subhanallahi wace ce ba ta da lafiya? Ai kuwa, a Hausa in aka ce mutum ya cika an san me ake nufi, kuma a allon kamfanin mota wannan ita ce fassarar da ba ka so ko kusa. Dole kalmar "mota" ta zauna a ciki komai ƙarancin wuri. Da ba mu karanta wa wanda ba ya cikin zancen ba da haka za a buga.

Abin da ya rage shi ne:

"Kaduna? Ba ma jiran mota ta cika."

Kalma bakwai daidai. A allon Kawo aka sa "Kano?" a madadin Kaduna. Ba sai an faɗi garin da ake tashi ba tunda mai karantawa yana tsaye a cikinsa, wannan ya cece mana kalma biyu. An raba shi layi uku, "Kaduna?" a sama, "Ba ma jiran" a tsakiya, "mota ta cika." a ƙasa, mafi tsawon layin gurbi 13 ne don haka harafin santimita 50 ya shiga. Babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya. Baƙi a kan ɗorawa, ba hoton mota, a can ƙasa siririn layi mai tambarin kamfani da sunan unguwar da ofishin yake. Lambar waya an cire ta gaba ɗaya, lamba 11 ba mai haddace ta daga cikin adaidaita sahu, aka mayar da ita jikin motocin da ƙofar ofis.

Alhaji ya yi jayayya a kan abu ɗaya, ya ce ina maganar rage lokacin tafiya, ai ita ce kasuwar. Manaja ta ce ranka ya daɗe tana ciki, duk wanda ya taɓa zaman tasha shi zai yi lissafin da kansa. Ya ce a gwada wata ɗaya.

An kuma yi wani canji a lokaci guda. Hayar allon Kano ba ta ƙare ba, amma mai allon yana da wani fili a hanyar da masu zuwa tasha ke bi, ya yarda aka yi musanya. An kafa sabon rubutun a mako na uku na Fabrairu.

## Maris: abin da littafin tikiti ya nuna

Makon farko bayan kafawa matsakaici ya koma takwas. Mako na uku ya kai goma, a ƙarshen Maris 11 a cikin 14. Ƙarin bai zo daidai a kowane sahu ba, na ƙarfe 7 bai canza sosai ba, na ƙarfe 10 da na ƙarfe 1 su ne suka tashi daga huɗu da biyar zuwa goma da wani abu, kuma waɗannan su ne lokutan da Manaja ta ga jira ya fi tsawo a tasha. A gefen littafi masu cewa allo sun zama kusan rabi, kuma da yawa ba "allo" suke cewa ba, cewa suke ku ne ba kwa jiran mota ta cika? Wasu suna zuwa da jakarsu kai tsaye daga tasha bayan sun gaji da zama.

Allon Kaduna da ba a matsar ba shi ma ya kawo ƙari, amma bai kai na Kano ba, tara zuwa goma.

## Afrilu: ranar da aka saɓa

Wata Talata motar ƙarfe 10 tana da mutum 11, sai wani ɗan uwan Alhaji ya kira ya ce a jira shi yana hanya. Mai lodi ya ji nauyi ya riƙe mota minti 25. Wani fasinja ya sauko ya ɗauki hoton motar da agogonsa ya tura a wasof, ya rubuta a ƙasa "ashe kuna jira". Kafin yamma hoton ya dawo wayar Manaja ta hannun mutum uku daban-daban. A tasha ba wanda zai ɗauki hoto saboda minti 25, amma su sun rubuta a allon mita shida cewa ba sa yi.

Washegari Alhaji ya tara ma'aikata ya ce ko ni ne na makara ku tafi ku bar ni. Aka rataye babban agogo a wurin lodi, aka mayar wa fasinjojin ranar rabin kuɗinsu. Makon ya ɗan sauka zuwa tara sannan ya koma 11.

## Abin da na fahimta daga lamarin

A ganina rubutu na biyu da na uku ba a tsawo suka faɗi ba, dukkansu kalma shida ne kuma ana karanta su sarai. Sun faɗi ne saboda sun sa ribar a inda ba ta. Kamfanin ya rage wa fasinja awa ɗaya zuwa biyu, gaskiya ne, amma a tasha ya rage ta, su kuma suna tallar kwalta, inda in ka ce sauri a ji tsoro, in ka ce awa uku a ce Golf ta fi ka. Fasinja yana ƙirga lokacin tafiya daga fitar mota, zaman tasha kuma yana ajiye shi a wani wuri daban a matsayin wahala, don haka sai da aka kira wahalar da sunan da shi yake kiranta sannan ya ga abin da ake sayar masa.

Ba zan ce rubutun ne kaɗai ya kai su 11 ba. An canza launi da wurin allon Kano a rana ɗaya da rubutun, kuma zuwa Maris kamfanin ya yi wata biyar, waɗanda suka hau sun fara gaya wa 'yan uwansu. Abin da ya sa nake ba rubutun kaso mafi girma shi ne allon Kaduna da bai motsa ba shi ma ya ja mutane, ƙarin ya faɗo a sahun tsakiyar rana, kuma mutane suna zuwa da kalmomin allon a bakinsu. Da za a sake, zan ce a canza abu ɗaya a bar shi mako biyu kafin a taɓa na gaba, kuma zaman tashar nan na kwana uku a yi shi tun Oktoba kafin a biya kuɗin fileks ko ɗaya, da an huta buga allo har sau uku da ɗaya na gyaran ƙ.

Layin kuma yana da iyakarsa. Yana aiki ne muddin sauran masu mota suna jiran cika, ranar da wani kamfani ya fara tashi a kan lokaci a wannan hanya ya zama maganar kowa. Ba ya cewa komai ga wanda ba ya karanta boko, shi ya sa Manaja ta sa ake karanta kalmomin bakwai ɗin a rediyo da safe ba tare da an ƙara ko ɗaya ba. Da hayar wata shidan ta ƙare a ƙarshen Afrilu an sabunta ta da rubutun yadda yake, abin da aka sake kawai shi ne fileks ɗin Kano, saboda iskar farkon damina ta yaga shi daga kusurwar sama.